In akwai marfi a maƙogwaro, me ya sa ruwa ke sarƙe mutum?

Auwal_Ɗalibi
Assalamu alaikum 'yan uwa. A darasin bayoloji an koya mana cewa akwai wani ɗan guringuntsi mai siffar ganye a gindin harshe, efigilotis, wanda ke rufe hanyar iska duk sanda mutum ya haɗiyi abu. To in har yana rufewa da kansa, me ya sa ruwa ke sarƙe lafiyayyen mutum? Kuma abin da ya kuɓuce ya bi ta can, ina yake ƙarewa? Wani abokina ya dage wai duk ruwan da ya faɗa huhu jini ne ke tsotse shi, ba ya yin komai.

Maman_Iman
Wa alaikumus salam. Ba shi ne ɗan naman nan da ke reto a can ciki ba, wanda ake gani in an wage baki a madubi? Ni nawa yana kumbura in ina mura, kuma lokacin ne na fi ƙwarewa.

Sista_Rabi
A'a Maman Iman, wancan beli ne, daga sama yake saukowa. Aikinsa da na ganɗar baya shi ne su ɗaga su toshe hanyar hanci. Shi ya sa wanda dariya ta kama yana shan ruwa sai ruwan ya fito masa ta hanci. Wanda Auwal ke magana a kai yana ƙasa, bayan gindin harshe, babba ba ya ganin nasa a madubi.

Auwal, ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiyi yawu. Ka ji ya yi sama ya dawo? To nan ne yawancin aikin yake. Da harshe ya tura loma baya ta taɓa bangon maƙoshi, al'amarin ya fita daga hannunka. Jijiyoyi suna kai saƙo gindin ƙwaƙwalwa, can inda ake sarrafa numfashi, daga can umarni ya dawo. Numfashi ya tsaya. Igiyoyin murya su haɗe su rufe gam, naman da ke samansu shi ma ya matse. Akwatin murya gaba ɗaya ya yi sama da gaba kamar santimita 2, ya shige ƙarƙashin gindin harshe. Wannan ɗagawar, tare da turin harshe da na lomar, ita ke kifar da marfin a kan ƙofar. Ita ce kuma ke taimakawa wajen ja bakin hanyar abinci ya buɗe, don a sauran lokuta a tsuke yake. Duk wannan cikin kamar daƙiƙa ɗaya.

Ka ga ba marfi ɗaya ne ke gadin ba, kuma abin ya dogara ne da kowa ya yi nasa a kan lokaci. Ruwa ba ya jira. In ka ja numfashi don yin magana ko dariya da ruwa a bakinka, igiyoyin murya a buɗe suke, sai ruwan ya riga rufewar.

Baban_Khalifa
Sista ta yi bayani, amma ni a sanina marfin nan shi ne komai. Da babu shi ai loma ɗaya za ta kashe mutum.

Sista_Rabi
Ba haka ba ne Baban Khalifa. Akwai waɗanda ake yanke musu shi saboda ciwon daji, kuma da yawansu suna koyon haɗiya daga baya, muddin igiyoyin murya na rufewa kuma maƙogwaron na jin taɓi. Babban amfaninsa karkatarwa ce, kamar dutse a tsakiyar rafi: ruwa ya rabu biyu, ya bi ta gefe da gefe, ya haɗu a bakin hanyar abinci. Rufewar ƙwarai igiyoyin murya ke yinta.

Garba_Mai_Tambaya
To ni dai in wani ya ƙware a gabana, ruwa nake miƙa masa ya kora, in ɗan bubbuga masa baya. Kullum kuma yana yi.

Habu_Agaji
Malam Garba, tarinsa ne ya yi aikin, ba ruwan ba. Ruwa hanyar ciki yake bi, abin da ya sarƙe shi kuwa yana ɗaya hanyar, ta yaya zai kora shi? Ƙari ma za ka iya yi masa. In mutum yana tari da ƙarfi, yana iya magana, ka ƙyale shi ya yi ta tarin, ka tsaya kusa. Wanda ake ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru: ya riƙe wuya, ba sauti, ba tari, leɓe na canza launi. Wannan ka sunkuyar da shi gaba, ka buga tsakanin allunan kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ka zagaya bayansa, ka dunƙule hannu sama da cibiya kaɗan, ka fizgo ciki da sama sau 5, ka yi ta sauyawa, wani kuma na neman taimakon gaggawa. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a matsa masa ciki, bugun baya ne da danna ƙirji. Mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke iya yi ba iska.

Baban_Khalifa
Wannan gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa tari shi ne ma'auni. In mutum ya ci ya sha bai yi tari ba, komai ya tafi inda ya kamata.

Zainabu_A
Baban Khalifa, don Allah kar wani ya riƙe wannan maganar ya yi jinya da ita. Bari in ba ku labarin mahaifinmu.

Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, yana da shekara 71. Da farko ko cokali ɗaya na ruwa aka ba shi sai ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Da aka sallamo shi muka dawo gida, tarin ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. A gidan kowa na murna, aka ce haɗiya ta dawo. Ana ba shi ruwa da kofi yana kishingiɗe a kan filo.

Akwai abubuwan da muke gani amma ba mu san ma'anarsu ba. In ya gama shan ruwa ya ce “na gode”, muryar tana fita da gurgur, kamar yana magana a cikin ruwa. Cin abinci ya koma ɗaukar masa kusan awa guda. In na zo goge masa baki sai in tarar da abinci danƙare a kuncinsa na dama, shi bai ma san yana nan ba. Wani lokacin yana ci sai numfashinsa ya ƙaru, goshinsa ya yi gumi.

Ranar da abin ya fito fili, da safe ya ƙi farkawa sosai, yana ta gyangyaɗi, bai gane ƙanwata ba. Jikinsa ba wani zafi can a hannu, amma ma'auni ya nuna 38.6. A asibiti suka ƙirga numfashinsa 30 a minti, iskar jininsa ta sauka zuwa kashi 87 cikin ɗari. Hoton ƙirji ya nuna fari a ƙasan huhun dama. Suka ce nimoniya ce ta shaƙar abinci da yawu. Aka sa masa iska, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka hana ba shi komai ta baki, aka zura masa robar ciyarwa ta hanci.

Da ya farfaɗo aka yi masa wani hoto mai motsi, aka ba shi ruwa da aka gauraya da farin sinadarin nan bariyom. An bar ni na kalli allon. Wallahi da idona na ga ruwan ya gangara tun kafin maƙogwaronsa ya ɗaga, wani siririn layi ya bi ta gaba ya wuce igiyoyin murya ya yi ƙasa. Shi kuwa Baba yana zaune yana kallon likita, ko gyaran murya bai yi ba.

Maman_Iman
Subhanallahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Ni wannan gurgur ɗin na san shi a wurin kakata, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Auwal_Ɗalibi
Amin. Anti Zainabu sannu. Amma Sista, ta yaya ruwa zai shiga hanyar iska mutum bai yi tari ba? Ni ɗigo ɗaya ke hana ni sakat.

Sista_Rabi
Saboda tari ma sai an ji kafin a yi shi. Fatar da ke shimfiɗe a cikin akwatin murya tana da tsananin jin taɓi, wani reshe na jijiya ta goma daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ne ke ɗaukar saƙonta. A wurinka ɗigo na taɓawa, saƙo ya tafi, ƙofa ta rufe, tari ya biyo. In shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wannan hanyar, ko ta dusashe jin, abu biyu ne ke lalacewa tare. Haɗiya tana makara wajen tashi, kamar yadda Zainabu ta gani a allo, kuma abin da ya shiga ba a jin shigarsa. Don haka ɗaukewar tari na iya zama sauƙi, tana kuma iya zama cewa jin ne ya tafi. Daga waje ba ka iya bambancewa da tari kaɗai.

Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Shi ya sa ƙa'ida ita ce kar a ba su ruwa, abinci ko ƙwayar magani ta baki sai an gwada haɗiyar. Mu a ɗakin jinya mukan zaunar da mutum tsaye, mu tabbatar a farke yake sosai, mu fara da ƙaramin cokali na ruwa, yatsa a kan maƙogwaro, sannan mu ce ya yi magana mu saurari muryar. In ya wuce, a ƙara yawa. Amma ina faɗa da babbar murya, gwajin nan yana kama mai tari ne da mai jiƙaƙƙiyar murya. Mai shaƙa a shiru yana iya tsallake shi. Wannan sai hoton da aka yi wa Baba, ko siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci a kalli maƙogwaron yana haɗiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne iyali ba sa samun wannan bayanin ranar sallama, alhali su ne za su riƙe cokalin.

Baban_Khalifa
Na ji wannan, ga mara lafiya. Amma ga mai lafiya maganata na nan.

Sista_Rabi
Ga mai lafiya a farke, kusan haka ne. A barci kuwa, kusan rabin lafiyayyun mutane suna shaƙar ɗan yawu kaɗan ba su sani ba. A nan ne abokin Auwal yake da rabin gaskiya. Ɗan ruwa mai tsabta huhu na iya shanye shi. Hanyoyin iska suna da majina da wasu ƙananan gasu da ke share datti zuwa sama dare da rana, can ƙasa kuma akwai ƙwayoyin garkuwa masu cinye abin da ya rage. Cuta na zuwa ne in abin ya yi yawa, ko yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu yawa, ko jikin ya raunana. Dattijo a kwance, mai raunin tari, ga ragowar abinci na kwana a baki, duk ukun sun haɗu a kansa.

Auwal_Ɗalibi
Me ya sa huhun dama? Don ɓarin dama ne ya shanye?

Dakta_Nura
Ba don haka ba. Bututun iska yana rabuwa biyu a cikin ƙirji. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa ƙasa, na hagu ya fi karkata gefe. Abin da ya gangaro ya fi samun sauƙin bin dama, ko wane ɓari ne ya shanye. Kwanciya ma na da tasiri: wanda ya shaƙa a zaune ƙasan huhu abin ke taruwa, wanda ya shaƙa a rigingine sassan baya ne.

Ni aikina sa barci a ɗakin tiyata, bari in ƙara wani nau'in da ba a taɓo ba. Na Baba ƙwayoyin cuta ne daga baki, kan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki kafin ya bayyana. Akwai kuma wanda abin cikin ciki ne ke tasowa ya faɗa huhu. Wannan ƙuna ce, asid ɗin ciki ke ƙona huhun, kuma cikin awanni kaɗan mutum zai fara haki da shaƙewa. Wani likita mai suna Mendelson ya bayyana shi a 1946 a kan mata masu haihuwa da aka sa wa maganin barci. Maganin barci yana kashe duk tsaron da Sista ta lissafa, ba haɗiya, ba tari. Dalilin da ya sa muke cewa awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa kafin tiyata ke nan. In mutum ya ci, ya faɗa mana gaskiya. Ɗage aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Garba_Mai_Tambaya
Dakta, wanda ya suma fa? Ai ana ɗura masa ruwa ya farfaɗo.

Dakta_Nura
Kada a ɗura, Malam Garba. Wanda ya suma, mai farfaɗiya, wanda maye ya kwantar, duk haɗiyarsu ba abin dogaro ba ce. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, baki na kallon ƙasa, don in ya yi amai ya zubo waje. Haka yaron da ya sha kananzir, kar a sa shi amai. A ciki illarsa da sauƙi, amma ɗan kaɗan in ya shiga huhu yana bazuwa ya ƙona shi, kuma amai dama ce ta biyu ta shiga.

Ummu_Sadiq
Tunda an zo kan yara. Ɗana yana ɗan shekara biyu ya ƙware da gyaɗa, ya yi tari sosai, sai ya ware ya ci gaba da wasa. Bayan nan ya kama tari da wani fito a ƙirji. Aka yi ta ba shi maganin asma, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, hoton farko ma bai nuna komai ba. Sai da wata likita ta tambaye ni ko ya taɓa ƙwarewa, ta saurari ƙirjin ta ce fiton ɓari ɗaya ne kawai. Aka sa masa barci aka ciro rabin ƙwayar daga reshen dama.

Dakta_Nura
Haka yake faruwa. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji yadda ƙarfe ke fitowa, kuma man da ke jikinta na sa wurin kumburi. Tarin farko kan lafa in abin ya sauka ƙasa ya zauna. Yara 'yan ƙasa da shekara 3 ba su da turamen haƙori isassu, hanyar iskarsu siririya ce, ga ci ana gudu. In aka daɗe, bayan inda ya toshe yana iya tara mugunya ko ya lalace dindindin.

Hajiya_Talatu
Zainabu 'yata, yanzu yaya kuke ba shi abinci? Maigidana ciwon karkarwar jiki yake da shi, kwanan nan ruwa na yawan sarƙe shi.

Zainabu_A
Hajiya, a fara kai shi a duba haɗiyarsa, don abin da ya yi wa Baba ba lallai ya yi masa ba. Mu dai an cire robar bayan ya samu sauƙi. Yanzu sai ya zauna sosai a kujera, ba a kishingiɗe ba. Ƙaramin cokali, loma ɗaya, ya haɗiye sau biyu kafin ta gaba, kuma ta ɓarin hagu mai lafiya nake sa masa. Ba hira lokacin ci, in yana jin barci a bari. Bayan ya gama yana zaune aƙalla minti 30, sannan in duba kuncinsa in wanke masa baki da buroshi, har harshe da dasashi. Shi an ce ya riƙa sunkuyar da haɓa in zai haɗiya, don a hoton sun ga yana taimaka masa, amma sun ce ba kowa yake yi wa amfani ba. Ruwansa kuma ana ɗan kaurara shi.

Baban_Khalifa
To ai ga magani nan. A kaurara wa duk dattijo ruwa, ko a bar robar hanci, an huta da fargaba.

Sista_Rabi
Roba ba ta hana mutum shaƙar yawunsa, kuma abin da aka zuba ta cikinta na iya tasowa, shi ya sa ake ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. Amfaninta ciyarwa ne a lokacin da baki ba ya iyawa. Ruwa mai kauri kuma, gaskiya ne yana tafiya a hankali, yana ba makararriyar haɗiya lokaci, a hoto ana ganin shaƙa ta ragu. Amma cewa yana rage nimoniya kanta, hujjar ba ta da ƙarfi. Ga shi mutane da yawa ba sa son shi, sai su rage sha, jiki ya bushe. Kuma ga mai raunin maƙoshi, mai kaurin na iya maƙalewa ya gangara bayan an gama haɗiyar. Ni in za a ce in zaɓi abu ɗaya da iyali za su riƙe, wanke baki zan zaɓa, don shi ke rage ƙwayoyin cutar da za su sauka.

Dakta_Nura
Wanke baki na yarda da ke ɗari bisa ɗari, Sista. Kauri kuwa ba zan rage masa daraja haka ba. Wanda aka gani a hoto ruwa na wuce masa kai tsaye, mai kauri kuma ba ya wucewa, ni zan ba shi, a riƙa lura da yawan shansa da fitsarinsa, a sake gwaji bayan 'yan makonni tunda yawancin masu shanyewar ɓarin jiki haɗiyarsu na dawowa.

Sista_Rabi
Matsalar ita ce sake gwajin ne ba a cika yi ba, Dakta. Na ga waɗanda suka shekara a kan ruwa mai kauri alhali haɗiyarsu ta daɗe da warwarewa.

Zainabu_A
Baba kam ba ya son shi ko kaɗan, kullum sai ya nuna min kofin ruwan sanyi. An ce akwai tsarin da ake barin mutum ya kurɓi ruwa zalla tsakanin abinci da abinci, bayan an wanke baki tas. Sista, ya dace da mai irin shaƙar Baba?

Sista_Rabi
Akwai shi, wasu wuraren na yi, amma ga zaɓaɓɓun marasa lafiya ne: wanda ke iya zama, yake a farke sosai, huhunsa kuma lafiya. Baba bai daɗe da tashi daga nimoniya ba, don haka kar ku fara da kanku. Ki nemi a maimaita masa hoton haɗiyar, ki kuma yi wannan tambayar ga wanda zai kalli allon.

Hajiya_Talatu
Ni ma zan nemi a yi wa Alhaji. Ƙwayoyin maganinsa fa, a daka su ko a bar su? Su ne suka fi tsaya masa a wuya.

Dakta_Nura
Kar a daka sai an tambayi mai ba da magani, Hajiya. Wasu an yi su ne su riƙa narkewa a hankali cikin awanni, in aka daka sai duk ƙarfin ya fita lokaci guda. Ki kai masa kwalayen gaba ɗaya, ya ware miki waɗanda ake dakawa da waɗanda ke da na ruwa.